Tsoron mage da tsani mai hawa tara: yadda ake maganin tsoro da tattaunawa da tunkara a hankali

Akwai matar da ba ta shiga gidan surukarta sai an fara leƙawa an tabbatar mage ba ta tsakar gida. Mu kira ta Hauwa, malamar firamare ce mai shekara 31, kuma misali ne na kafa don bayanin ya zauna a kan mutum ɗaya. Idan ta ji kukan mage a bayan katanga, gabanta ya faɗi, tafin hannunta ya jiƙe da gumi, ƙafafunta su ɗauki rawa. Ta sani sarai mage ba zaki ba ce. 'Yan uwa sun yi mata dariya, sun yi mata faɗa, wani ƙaninta ma ya taɓa jefa mata magen a cinya wai don ta saba. Tun daga ranar abin ya ninka.

Irin wannan tsoro, wanda ya fi ƙarfin haɗarin da ke akwai, ya daɗe wata shida ko fiye, kuma ya fara yanke wa mutum hulɗa ko aiki, shi ne masana ke ɗauka a matsayin lalurar da ake yi wa magani. Yana cikin lalurorin da suka fi jin magani, kuma maganin nasa ba na haɗiya ba ne. Zama ne da masanin halayyar ɗan Adam, a tattauna, sannan a tunkari abin tsoron mataki bayan mataki.

Abin da ke raya tsoron

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan ya bayyana yadda tsoro ke farawa. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne dalilin da ya sa mutumin ke ci gaba da gudun tsumma har shekara ashirin. Dalilin shi ne gudun kansa.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Idan ya hango abin da ya ɗauka haɗari ne, yana kaɗa ƙararrawa tun kafin tunani ya gama auna lamarin. Jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, tsokoki su ɗaure. Idan Hauwa ta ruga waje ta rufe ƙofa, cikin minti kaɗan hankalinta ya kwanta. Wannan sauƙin yana da daɗi, kuma shi ne tarkon. Darasin da ƙwaƙwalwa ta ɗauka shi ne: gudun nan ne ya cece ni. Ba ta taɓa samun damar ganin abin da zai faru in an tsaya ba. Kowane gudu yana ƙara wa tsoron ƙarfi, kuma da'irar abin da ake gujewa tana faɗaɗa. Da farko magen ce, daga baya gidan da magen take, daga baya duk lungun da aka taɓa ganin mage.

Shi ya sa lallashi da hujja ba sa wadatarwa. Sashen da ke gadi ba ya jin wa'azi, da gogewa yake koyo. Gani ya kori ji.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta wallafa yadda ta yi da wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara uku, da ke tsoron zomo. Takan kawo zomon a keji can nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, kullum ana ɗan matso da shi, har ya kai yana taɓa shi. A 1958 likita Joseph Wolpe, ɗan Afirka ta Kudu, ya tsara hanyar ta zama tsani mai hawa-hawa. Abin dariya ga labarin Hauwa, da maguna ya fara gwajinsa, sai dai a can magunan ne masu tsoro.

Zaman farko: babu mage a ɗakin

Wannan shi ne abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya je, domin fargabar za a rutsa mutum da abin tsoronsa ita ke hana da yawa zuwa. Zaman farko na tambayoyi ne da tsari. Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, wani lokaci ya ɗan zarce.

Bayan gaisuwa, masanin zai fara da bayanin sirri: abin da aka faɗa a ɗakin yana ɗakin, sai fa idan akwai barazana ga ran mai zuwan ko ran wani. Idan mace ta zo da miji ko 'yar uwa, yakan tambaye ta ko tana so su zauna, kuma sau da yawa yakan nemi ɗan lokaci da ita ita kaɗai, saboda akwai abin da ba a faɗa a gaban dangi.

Daga nan sai tambayoyi, kuma ba tarihin rayuwa tun daga haihuwa ake nema ba. Abin da ake bi diddiginsa shi ne karo na ƙarshe da abin ya faru.

"Malama Hauwa, ki ba ni labarin ranar da kika ga mage kwanan nan. Ina kike, wa ke tare da ke?"

"A gidan surukata Hajiya ne, likita, ranar suna. Ina zaune a kan tabarma sai ta fito daga madafa."

"Me kika fara ji a jikinki? Sannan me kika yi?"

"Zuciyata kamar za ta fito. Na miƙe na fice ko takalmi ban saka ba."

"Da a ce ba ki fita ba, me kike ganin zai faru?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce zuciyar zaman. Mutane da yawa ba su taɓa yi wa kansu ita ba, sai su ce kawai "tsoro nake ji". Masanin zai yi ta tono a hankali har amsar ta fito fili. Ta Hauwa kashi biyu ce: magen za ta daka tsalle ta yage mata fuska, kuma ko ba ta yi ba, tsoron zai yi ta hauhawa har ta sume ko ta zautu a gaban surukai. Zai tambaye ta kashi nawa cikin ɗari ta yarda da kowanne. Ta ce 80 ga na farko, 70 ga na biyu. A rubuta. Waɗannan hasashe biyu su ne za a yi ta gwadawa a sauran zaman.

Akwai tambayoyin da mutum zai ga kamar ba su da alaƙa da mage, amma dole a yi su. Barci, cin abinci, damuwar da ta daɗe, ko tunanin cutar da kai ya taɓa zuwa. Ana shan wani magani? Ana shan ƙwaya, ko shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari da yawa? Akwai asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ko juna biyu? Dalili shi ne wasu cututtuka, kamar ƙarancin jini da yawan aikin ƙullin wuyan nan da ake kira tayirod, suna kawo bugun zuciya mai kama da na tsoro, kuma likitan jiki ne zai duba su. Haka nan idan tsoron ya samo asali daga mummunan abin da ya faru, kamar haɗarin mota ko harin 'yan bindiga, yana zuwa da mafarkai da dawowar hoton abin a ido, to wannan wata lalura ce. Ita ma ana tunkararta, amma da tsari na daban.

Sai tambayar dabarun kariya. Su ne ƙananan abubuwan da mutum ke yi don ya iya jurewa: tura yaro ya leƙa, zama kusa da ƙofa, naɗe ƙafa a kan kujera, rufe ido, riƙe hannun wani. Suna kama da taimako, amma gudu ne a zaune. Idan Hauwa ta zauna da mage lafiya alhali ƙafarta na kan kujera, ƙwaƙwalwarta za ta ce kujerar ce ta cece ta. A nan mutane sukan tambaya game da addu'a. Masani mai hankali ba zai hana kowa addu'a ba. Abin da zai lura da shi kawai shi ne ko mutum ya rufe ido yana maimaitawa da sauri don kada ya ga magen. Ka yi addu'arka, sannan ka buɗe ido ka kalle ta. Haka ma idan mai zuwan na jin baƙar mage ba mage ba ce kawai, kamar yadda ake faɗa a wasu gidaje, ya faɗa. Wannan ma hasashe ne, kuma ɓoye shi na sa a yi ta aiki a kan tsoron da ba shi ne ainihin ba.

Haɗa tsanin

Kashi na ƙarshe na zaman farko, ko farkon na biyu, shi ne koyon ma'auni da jera matakai. Ma'aunin daga 0 ne zuwa 100. Sifili shi ne kwanciyar hankali irin ta wanda ya ci ya ƙoshi yana hira, 100 kuma tsoro mafi muni da mutum ya taɓa ji. Mai tsoron ne ke ba da maki, ba masanin ba.

Tsanin Hauwa ya fito haka. Kallon hoton mage a waya, 20. Kallon bidiyon mage tana tafiya, da sauti, 35. Kallon mage ta taga, tana tsakar gida, 45. Tsayuwa a tsakar gidan, wani na riƙe da magen, tazarar taku goma, 55. Taku uku, 65. Magen a sake tana cin abinci, Hauwa na zaune ƙafa a ƙasa, 75. Shafa bayanta yayin da wani ke riƙe da ita, 85. Barin magen ta goga jikinta a ƙafar Hauwa, 90. Zama ita kaɗai da magen a ɗaki, ƙofa a rufe, minti goma, 100.

A lura da abin da ke sauya maki: tazara, motsi, ko akwai wani a wurin, ko akwai hanyar fita. Da waɗannan ake sassaƙa ƙananan matakai idan tsakanin hawa biyu ya yi faɗi. Wani kuma tsaninsa zai juye, kukan magen ya fi taɓa ta tayar masa da hankali, shi ya sa ba a aron tsanin wani.

Ana kuma yarjejeniya a fili: ba za a yi komai ba sai an faɗa tukuna, ba za a yi bazata ba, kuma mai zuwan na da ikon cewa a dakata. Wannan shi ne bambancin magani da abin da ƙanin Hauwa ya yi. Shi ya fara daga 100, ba da yardarta ba, kuma ta ƙare da gudu, wato ta sake koyon tsohon darasi da babbar murya.

Aikin gida na makon farko yawanci rubutu ne kawai: duk lokacin da tsoron ya taso, a rubuta wuri, maki, abin da aka yi zato, da abin da aka yi.

Yadda ake hawa mataki ɗaya

Mu ɗauki mataki na huɗu, taku goma. Magen da za a yi aiki da ita ta gida ce mai sanyin hali, wadda aka san lafiyarta, ba ta kan titi ba. Magani ba ya nufin shiga haɗarin gaske. Wanda ke tsoron maciji ba a kai shi daji ya kama kububuwa.

Kafin a fara, masanin zai tambayi Hauwa abin da take zaton zai faru. Ta ce magen za ta ƙwace ta yo kanta cikin minti ɗaya. Sai su shiga tsakar gidan. Makinta ya tashi zuwa 70, ya wuce 55 ɗin da ta yi hasashe, kuma wannan ba matsala ba ce. Aikinta shi ne ta tsaya, ta kalli magen, ta faɗi abin da take gani: launinta, kunnuwanta, inda take kallo. Duk bayan minti biyu ko uku a tambaye ta maki. A minti na biyar 65. A na goma sha biyu 50. A na ashirin 35, har ta lura magen ba ta ma damu da ita ba, hamma take yi.

Jiki ba ya iya riƙe ƙararrawa a ƙololuwa har abada. Tsoro yakan hau, ya tsaya, ya sauko da kansa idan ba a gudu ba. Wanda kullum yake gudu a kan hawan bai taɓa ganin gangaren ba. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a tsaya har makin ya ragu da rabi. Binciken baya-bayan nan, musamman na Michelle Craske da abokan aikinta, ya nuna saukar maki a cikin zama ba ita ce babban ma'auni ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mutum ya ga hasashensa ya ƙaryata. Don haka bayan an gama sai a zauna a yi bita: me kika ce zai faru, me ya faru, yanzu kashi nawa kika yarda za ta yage miki fuska? Daga 80 ta sauko 50. Ko da wata rana makin tsoron ya ƙi sauka, in dai ta tsaya kuma abin da ta zata bai faru ba, zaman bai tafi a banza ba.

Ana maimaita mataki ɗaya sau da yawa, a ranaku daban-daban, kafin a hau na gaba. A matakan taɓawa masanin ne ke fara yi tana kallo, sannan ta ɗora hannunta a kan nasa, sannan ita kaɗai. Tsakanin zama da zama akwai aikin gida, kuma a nan ne rabin maganin yake. Gwaji kullum ko kusan kullum ake so, ba sau ɗaya a mako ba. Ga tsoron abu guda irin wannan, zama kaɗan kan isa, sau da yawa ƙasa da goma. Lars-Göran Öst, masani ɗan Suwidin, ya ma tsara hanyar da ake hawa tsanin gaba ɗaya a zama guda mai tsawon har awa uku, bayan zaman tambayoyi. Tsoron shiga mutane ko firgicin da ke zuwa ba dalili yakan ɗauki lokaci fiye da haka.

Inda abin ke karkacewa

Idan an yi mako biyu ko uku a kan mataki ɗaya maki bai motsa ba, abu na farko da za a nema shi ne ɓoyayyiyar dabarar kariya. Wataƙila tana kallon bango ne ba magen ba, ko tana lissafi a zuci don ta shagala, ko ta sha wani abu kafin ta zo. Magungunan kwantar da hankali irin su dayazefam suna dushe tsoron a lokacin, amma mutum yakan jingina nasarar ga ƙwayar, ga kuma haɗarin sabo da ita. Wanda likita ya riga ya ɗora a kansu kada ya daina da kansa, ya faɗa a zaman farko a tsara.

Na biyu, matakin ya yi tsawo. Alamarsa mutum ya fara ƙin zuwa ko ya tsere a tsakiya. Gyaran shi ne a tsaga matakin biyu, kuma idan an tsere, a dawo a ranar ko da kan mataki na ƙasa ne, kada a kwana a kan gudu. Akasin haka ma matsala ce: idan maki bai wuce 15 ba, ba a koyon komai, lokaci ake ɓatawa.

Na uku shi ne dangi masu tausayi. Mijin da ke korar mage kafin matarsa ta fito yana yi ne don ƙauna, amma yana riƙe mata tsoron. Akan kira shi a yi masa bayani: ya daina share hanya, kada kuma ya tilasta, kada ya yi tsokana.

Tsoron jini da allura yana da nasa hukunci. A sauran tsoro hawan jini sama yake yi, shi ya sa sumar da Hauwa ke fargaba da wuya ta faru. A tsoron jini kuwa, bayan ya ɗan hau sai ya faɗi, mutum ya ga duhu ya zube da gaske. Don haka ana fara koya masa ɗaure tsokokin hannu, ƙafa da gangar jiki na daƙiƙa 10 zuwa 15 har ya ji ɗumi a fuska, ya saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ya maimaita sau biyar. Wannan na ɗaga jinin. Da wannan dabarar a hannu ake hawa tsanin, kuma matakan farko a zaune ko a kwance ake yin su. Mai hawan jini ya tuntuɓi likitansa kafin ya fara.

Akwai kuma dawowar tsoro. Sabon darasi ba ya goge tsohon, danne shi yake yi. Hauwa na iya sabawa da farar magen maƙwabta, bayan wata huɗu ta haɗu da baƙa da daddare a wani gari, gabanta ya sake faɗuwa. Ba a koma farko ba. Saboda haka ne a zaman ƙarshe ake sauya maguna, wurare da lokuta, a gwada da rana a gwada da dare, da rakiya da kuma ita kaɗai, har a kai ga ainihin wurin da aka yi niyya tun farko, wato tabarmar tsakar gidan Hajiya.

Masu wannan aiki ana samunsu a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya kamar na Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato. A nemi ganin masanin halayya, domin likitan ƙwaƙwalwa ya fi karkata ga tantancewa da rubuta magani, ko da yake sukan yi aiki tare. Kafin ka je, rubuta abubuwa uku da tsoron ya hana ka, ka ɗauki duk maganin da kake sha a cikin kwalinsa. A ƙarshen zaman farko kana da damar tambaya: za mu haɗa tsani, kuma za mu fita mu gwada a zahiri? Idan an yi zama huɗu ko biyar ana hira kawai, ba tsani, ba aikin gida, ka sake yin tambayar ko ka nemi a tura ka wurin wanda ke yin wannan hanyar.